Shekarun da ba a lissafa su: fanshon ma'aikacin da aikinsa ya yi giɓi

Yau sharhin namu na lissafi ne, don haka wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su. Wanda kuma yake kan babur tsakanin Funtuwa da Bakori, ko yana gona, ya saurara kawai, zan tafi a hankali.

A wannan yanki namu ma'aikaci ba kasafai yake yin aiki ɗaya tilo daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Wani ya tafi Zariya ƙaro ilimi shekara biyu ba albashi. Wata ta ajiye aiki ta koma Ƙafur jinyar mahaifiyarta. Wani kamfanin da yake yi wa aiki ya rage ma'aikata, ya koma noman masara da waken suya shekara uku kafin ya samu wani wurin. Duk waɗannan abubuwa ne na rayuwa, babu abin zargi a cikinsu. Amma ranar ritaya akwai wanda zai zauna da fayil ya ƙirga watanni, kuma abin da ke rubuce kaɗai yake gani. Tambayar da za mu amsa ita ce: giɓin nan nawa yake ci daga fansho, kuma yaya mutum zai lissafa da kansa tun kafin a lissafa masa?

Amsar ta dogara da tsarin da mutum yake ciki, domin tsari biyu ne a ƙasar nan, kuma lissafinsu bai yi kama da juna ba ko kaɗan. Akwai tsohon tsari, inda ake duba shekarun da ka yi da albashinka na ƙarshe. Akwai kuma tsarin adashin fansho da aka kafa a 2004 aka sake dokarsa a 2014, inda ake duba abin da ya taru a asusunka. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, kamar na kwalejin 'yan mata ta tarayya da ke Bakori, da ma'aikatan bankuna da kamfanoni, galibinsu suna cikin na biyun. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa dokar jiharsu ce ke aiki a kansu, kuma lissafin da suka fi sani shi ne na shekaru da albashin ƙarshe. Da shi za mu fara.

Tushen wannan lissafi dokar fansho ce mai lamba 102 ta shekarar 1979, wadda aka gyara jadawalinta a 1992, jihohi kuma suka ɗora nasu a kanta. Jadawalin ba shi da wuyar haddacewa. Wanda ya cika shekara 5 ya cancanci garatuti kawai. Wanda ya cika shekara 10 ya cancanci fansho, kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, da garatuti daidai da albashin shekara guda. Daga nan kowace shekara ɗaya tana ƙara kashi 2 a fansho, da kashi 8 a garatuti. Haka zai yi ta hawa har shekara 35, inda fansho ya tsaya a kashi 80, garatuti kuma a kashi 300, wato albashin shekara uku. Jiha tana da ikon gyara nata jadawalin, saboda haka kafin ka dogara da lissafinka, nemi kwafin wanda ofishin fanshonku ke aiki da shi. Hanyar lissafin dai ɗaya ce.

A cikin wannan doka akwai sharuɗɗa uku da suka shafi maganarmu. Na farko, lokacin da ma'aikaci ya yi yana hutu ba albashi ba ya shiga lissafi, sai in hutun na karatu ne da tallafin gwamnatin tarayya ko ta jiha, ko kuma hukuma ta amince da dalilin a rubuce ta ce a lissafa. Na biyu, aikin da ake lissafawa shi ne wanda bai yanke ba, sai in an yafe yankewar. Na uku, kuma shi ne mutane suka fi mantawa, ragowar watannin da suka haura shida ana ɗaukarsu a matsayin shekara cikakkiya, waɗanda ba su haura ba kuma sun tafi a banza.

To, mu ɗauki misali. Misali ne na ƙirƙira domin lissafi, ba wata baiwar Allah nake nufi ba. A ce ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin karkara a ƙasar Malumfashi. An ɗauke ta aiki ranar 1 ga Janairu 1996, ta cika shekara 60 da haihuwa a ƙarshen Maris 2026. In ka ƙirga a kalanda, shekara 30 da wata 3 ke nan. Kada ka yi lissafin da shekaru, mayar da komai watanni: wata 363. A tsakani ta tafi karatu daga Oktoba 2003 zuwa Satumba 2005, an ba ta izini amma ba albashi, kuma ita ta biya wa kanta kuɗin makaranta. Wata 24 ke nan. A 2014 ta sake karɓar hutu ba albashi na wata 10, ta yi jinyar mahaifiyarta. Hutun haihuwar da ta yi ba ya cikin wannan, domin da albashi ake yin sa, kuma duk watan da albashi ya shiga ba giɓi ba ne. A cire 34 daga 363, saura 329. A mayar shekaru: shekara 27 da wata 5. Wata biyar bai haura shida ba, don haka za a rubuta mata shekara 27.

Yanzu sai jadawali. Shekara 27 ta ɗara 10 da 17. Sha bakwai sau biyu 34, a haɗa da 30, fanshonta kashi 64. Sha bakwai sau takwas 136, a haɗa da 100, garatutinta kashi 236. A ce albashinta na ƙarshe, wanda ake lissafin fansho da shi, naira 150,000 ne a wata, wato miliyan 1 da dubu 800 a shekara. Fanshonta zai kama naira 96,000 a wata, garatuti kuma naira 4,248,000. Abokiyar aikinta da aka ɗauke su rana ɗaya, wadda ba ta taɓa ɗaga ƙafa ba, an rubuta mata shekara 30, kashi 70 da kashi 260: naira 105,000 a wata, da garatuti 4,680,000. Bambancin naira 9,000 ne duk wata har iyakar rai, da naira 432,000 a garatuti.

Amma ku dubi watanni biyar ɗin nan da suka tafi. Da a ce ta dawo daga jinya da wata biyu kacal kafin lokacin da ta dawo, da ragowar ta zama wata 7, da an cika mata shekara 28. Fansho ya zama 99,000, garatuti ya ƙaru da 144,000. Ba ina cewa a bar majinyaci a kwance a garzaya ofis saboda naira 3,000 ba. Abin da nake cewa, mutane da yawa suna cike takardar neman hutu su rubuta "shekara ɗaya" ko "wata goma" don kawai adadin ya zo musu a baki, alhali da sun zauna da biro na minti biyar, da sun ga inda iyakar take.

Sai maganar karatun. Da a ce tafiyarta karatu da albashi ne, ko da tallafin gwamnati, ko kuma takardar izinin ta faɗa a fili cewa za a lissafa lokacin cikin shekarun fansho, da wata 24 ɗin nan sun dawo. Za ta samu shekara 29, kashi 68, naira 102,000 a wata, garatuti 4,536,000. Jimla ɗaya a cikin wasiƙa ita ce ta raba 96,000 da 102,000. Kuma ba ranar ritaya ake neman wannan jimla ba, ranar tafiya ake nemanta, lokacin da shugaban sashen da ya san dalilin tafiyar yake kan kujera. Bayan shekara ashirin wanda ya sa hannu ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya, wanda ke kujerar kuma bai san ki ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi kama mata a yankinmu. Mace ta yi aure a wani gari, ko ciwo ya kwantar da wani nata, ta gaya wa shugabanta da baki, ya ce "Hajiya, je ki, Allah ya ba da lafiya, babu komai." Babu takarda. Bayan 'yan watanni aka tsayar da albashinta, aka rubuta ta bar aiki. Da ta dawo, maimakon a mayar da ita, sai aka yi mata sabon ɗauka da sabuwar takarda, kowa yana ganin an taimake ta. Mu koma kan misalinmu, mu ce haka ta faru a 2003, aka sake ɗaukarta a Oktoba 2005. In ba a haɗe mata aikin farko da na biyu ba, lissafi zai fara daga 2005: wata 246, a cire goman jinya, saura 236, wato shekara 19 da wata 8, a cika mata 20. Kashi 50 ke nan, naira 75,000 a wata, garatuti 3,240,000. Ba shekara biyun karatu kaɗai ta rasa ba, har kusan shekara takwas da ta yi tana aiki kafin ta tafi. Maganin wannan shi ne neman a yafe yankewar a haɗe aikin, ta hannun ma'aikatar da take, zuwa hukumar da ke da ikon ɗauka da sallama. Ba a ba kowa, ana duba dalili, kuma in mutum ya karɓi garatuti a fitarsa ta farko, galibi sai ya mayar. Alamar da za ka gane kana cikin wannan hali mai sauƙi ce. Ka nemi a nuna maka takardar tarihin aikinka da ke cikin fayil, ka duba gurbin da aka rubuta ranar fara aiki. In ranar ɗauka ta biyu ce a wurin, to a idon fayil ba ka taɓa yin aikin farko ba.

Ga kuma wata asara da jadawali ba ya nunawa. Ni na ɗauka albashin matan nan biyu ɗaya ne don lissafi ya yi sauƙi. A zahiri wanda ke hutu ba albashi ba ya samun ƙarin albashi na shekara, kuma lokacin ƙarin girmansa yana ja da baya. Zai iya yin ritaya mataki ɗaya ƙasa da sa'o'insa, kashinsa ya ragu, albashin da ake cire kashin daga ciki ma ya ragu. Sai dai karatu yana iya rama wannan. In shaidar da aka samo ta buɗe ƙofar matakin da da ba za a kai ba, kashi 64 na babban albashi zai iya fin kashi 70 na ƙarami. Jinya da raino ba su da wannan ramuwar.

Mu koma tsarin adashi. A nan ba a ƙirga maka shekaru, kuma yankewar aiki ba ta goge abin da ya wuce. Asusun naka ne, da lambarka, yana nan ko ka bar aiki ko ka sauya wurin aiki. Wannan kyakkyawan abu ne, a yaba masa. Dokar 2014 ta ce duk wata ma'aikaci zai zuba aƙalla kashi 8, mai ba da aiki aƙalla kashi 10, kashi 18 ke nan na jimlar tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Kamfanin kula da fansho yana juya kuɗin, riba tana hawa. Watan da babu albashi, babu zubi, naka da na mai ba da aiki duka.

A ce wani magidanci yana aiki a wani kamfani a Funtuwa, abin da ake cire zubi daga ciki naira 120,000 ne. Nasa 9,600, na kamfani 12,000, jimla 21,600 a wata, 259,200 a shekara. Ya tafi shekara uku. Abin da bai shiga asusu ba naira 777,600 ne. Mutane a nan suke tsayawa, su ce ai bai kai miliyan ba. Amma zubin fansho kamar shuka yake: masarar da aka shuka da ruwan farko da wadda aka shuka damina ta yi nisa, iri ɗaya ne, amfanin ba ɗaya ba. Mu ɗauka kuɗin yana samun ribar kashi 10 a shekara. Zato ne na lissafi, ba alkawari ba, wata shekarar ya fi, wata ya gaza. A kan wannan zato kuɗi yana ninka kansa kusan duk shekara bakwai. In ya dawo aiki yana da shekara 39, saura shekara 21 ya kai 60, kuɗin nan da sun ninka kusan sau bakwai da rabi, sun kai wajen miliyan 5 da dubu 750. In kuwa giɓin ya zo a ƙarshe, ya dawo yana da shekara 53, abin da ya rasa wajen miliyan ɗaya da rabi ne. Shekara uku ce a duka biyun, amma ta farkon ta kusa ninka ta biyun sau huɗu.

Sai a yi hattara da wannan adadi, kada ya firgita mutum fiye da kima. Miliyan biyar ta shekara ashirin masu zuwa ba miliyan biyar ta yau ba ce. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kowa ya gani a farashin taki da buhun masara a kasuwar Ɗandume, kuma a irin wannan shekara ribar asusu ba ta kamo tsadar kaya. Sannan albashin farkon aiki ƙarami ne, zubinsa ma ƙarami. Duk da haka hukuncin yana nan: a tsarin adashi, giɓin ƙuruciya ya fi giɓin tsufa tsada. Kuma shekarun haihuwa da raino da ƙaro karatu, ai shekarun ƙuruciya ne.

Yaya wannan yake komawa fanshon wata? Ranar ritaya, ga wanda ya kai shekara 50 ko sama, kamfanin fansho yana saka abu huɗu a ma'aunin da Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta tsara: abin da ke asusu, shekarun mutum, namiji ne ko mace, da albashinsa na ƙarshe. Daga nan ake fitar da abin da za a ba shi a dunƙule da abin da zai riƙa karɓa duk wata, ko dai daga asusun kai tsaye, ko ta hanyar sayen inshorar da za ta biya shi har ƙarshen rai. In kana son ƙiyasi na kan tabarma, raba abin da aka rasa gida 200, kamar watannin shekara goma sha shida da 'yan kai. Miliyan 5 da dubu 750 za ta ba ka wajen 28,750 a wata, miliyan ɗaya da rabi kuma 7,500. Kuɗin dunƙule ma yana taɓuwa, domin sai an fara ware abin da zai isa biyan wata-wata, sannan a duba abin da za a iya bayarwa a hannu. Wanda asusunsa ya yi rauni saboda giɓi, abin da ya sa rai zai gyara gida da shi ko ya sayi gona shi ne zai fara ƙanƙancewa. Mace kuma ma'aunin yana ɗaukar cewa za ta fi namiji daɗewa, don haka kuɗi iri ɗaya ana shimfiɗa mata shi a kan watanni masu yawa. Ita ce ta fi yin giɓi, ita ce kuma ake raba wa abin da ya taru ƙanana.

Akwai wata ƙofa da doka ta buɗe, wadda take ƙara faɗin giɓin. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire har kashi 25 na abin da ke asusunsa. Wanda ke hutu ba albashi ba ya ciki, domin shi har yanzu ma'aikaci ne. In akwai miliyan biyu a asusu, dubu 500 ke nan. Ban ga laifin wanda yunwa ta tasa gaba ya cire ba. Amma wanda zai cire don ya sauya babur, ya sani cewa in saura shekara 14 ya yi ritaya, a kan zaton da muka yi, kusan miliyan ɗaya da dubu 900 ya cire daga hannun tsohon da zai zama.

Shin ana iya cike giɓin? A tsarin adashi, i, ana iya ragewa. Doka ta yarda da zubin ganin dama, wanda ake cirewa daga albashi ta hannun mai ba da aiki a ƙara a kan kashi takwas ɗin. Mai naira 777,600 ɗin nan, in ya raba su a shekara biyar, naira 12,960 ne a wata. Sai dai shi kaɗai zai biya duka, domin kamfani ba dole ba ne ya biya rabonsa na watannin da ba a yi masa aiki ba, kuma ribar shekarun da suka wuce ta riga ta wuce. Tun 2019 akwai kuma shirin fansho na masu sana'ar kansu, wanda ya dace da wanda ya koma gona ko kasuwa, yana zubawa in ya sayar da amfani. Masu ƙyamar kuɗin ruwa kuma, tun 2021 akwai rukunin asusun fansho na shida, wanda ake juya kuɗinsa ba da ruwa ba, ana iya neman a mayar da mutum can.

Yanzu ga giɓin da ya fi ba ni haushi, wanda ma'aikaci bai yi ba amma aka yi masa. Yana zuwa aiki kullum, takardar albashinsa tana nuna an cire kuɗin fansho, amma kuɗin bai isa asusu ba. Ga yadda ake kama shi. Ka je ofishin kamfanin fanshonka, ko ka nema ta waya, a ba ka cikakken bayanin asusu tun daga ranar buɗewa, ba na wata ukun ƙarshe ba. Za ka ga layi-layi: ranar da kuɗi ya shiga, watan da aka biya dominsa, rabon ma'aikaci, rabon mai ba da aiki. Kada ka bi ranar shiga, domin wasu sukan tara wata huɗu su zuba rana ɗaya. Bi watan da aka biya dominsa. Ka sa yatsa kana sauka, Janairu, Fabrairu, Maris, takardun albashinka suna gefe. Duk watan da aka cire a takardar albashi amma babu shi a layin, ka zagaye shi da jan biro. Ka kuma duba ko rabon kamfani ya koma kashi 10 bayan 2014, ko har yanzu bakwai da rabi na tsohuwar doka ake zubawa, da ko zubin ya ƙaru lokacin da aka ƙara maka girma. Doka ta ba mai ba da aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin ba a kowane wata, kuma asusun ma'aikaci take shiga. Wannan bashi ne, ana bin sa. Ka rubuta wa ma'aikatarka, ka ba kamfanin fansho kwafi, in shiru ta yi yawa ka kai ƙara PenCom, suna da ofishin shiyya a Kano. Wani lokaci ma kuɗin an tura, amma ya maƙale saboda an rubuta lambar asusu ba daidai ba, ko mutum ya buɗe asusu na biyu da ya sauya aiki. Lamba ɗaya ake yi har abada, kuma suna da ranar haihuwar da ke asusun su dace da na katin ɗan ƙasa.

Abin da ya rage shi ne wanda ma'aikaci ba zai iya gyarawa da biro ba. A tsarin nan biyu, babu wanda yake ba da ko wata ɗaya kai tsaye saboda raino ko jinya in babu albashi. Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa wannan aiki ne. A Jamus, duk yaron da aka haifa daga 1992, ana rubuta wa mai rainonsa har shekara uku kamar ya zuba fansho, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin. A Birtaniya ma ana cike wa iyayen da ke rainon yaro ɗan ƙasa da shekara 12 gurbin zubinsu. Ba na cewa baitulmalin Katsina ya yi gogayya da na Jamus. Amma a tsohon tsari ikon ya riga yana hannun hukuma, tunda doka ta ba ta damar amincewa da dalilin hutu ta ce a lissafa. A ganina, a ƙasar da asibitocinta suke dogara da 'yan uwa su kwana da majinyaci, su sayo magani, su yi wanki da girki, bai dace a ce wadda ta yi wannan aiki wata goma ta biya kuɗinsa daga fanshonta har ta mutu ba. A sa iyaka, a ce shekara ɗaya a duk tsawon aiki, da shaidar likita, a rubuta shi a doka yadda ba sai mai uwa a gindin murhu zai samu ba. Wannan kira ne ga 'yan majalisarmu na Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, musamman na malamai da ma'aikatan lafiya, inda mata suka fi yawa.

Kafin a kai can, malam, hajiya, in tafiya ta kama, kada a fita sai da takardar izini mai ranar tafiya da ranar dawowa, da bayanin ko za a lissafa lokacin. Ranar da aka dawo a rubuta takardar kama aiki, a sa a buga mata hatimin karɓa, a ajiye kwafi a gida, domin fayil yana ɓata a ofis. Wanda kuma ya riga ya yi giɓin, saura masa shekara biyar ko goma, ya je ya ga fayil ɗinsa ko bayanin asusunsa a cikin wannan watan, tun masu sa hannu suna nan.